Daidaita mitar kondaktibiti da gano lambar sel: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi na tara su ne daga bakin ma'aikatan ɗakunan gwajin ruwa da ɗalibai masu koyon aiki a Garwa, Marwa da Kusiri, har da 'yan'uwa na tsallaken kogi a Njamaina. Kusan duk wanda ya zo da kukan cewa mitarsa "ta lalace", idan muka zauna muka duba, mitar lafiyarta ƙalau. Zafin ɗakin ne ba a lissafa ba, ko kuma ruwan ma'aunin, wato ruwan da aka san awonsa ake daidaita mitar da shi, ya tashi daga aiki ba a sani ba.

1. Me mitar take aunawa, kuma mece ce lambar sel?

Mitar tana tura 'yar wutar lantarki tsakanin faranti biyu da ke cikin sel, wato kan sandar da ake tsomawa a ruwa, sai ta ga yawan wutar da ta ratsa. Gishirin da ya narke a ruwa shi ke ɗaukar wutar, saboda haka ruwan foraj mai ɗanɗanon kanwa ya fi ruwan sama barin ta wuce. Abin da mitar ke samu kai tsaye shi ne G, wato sauƙin da wutar ta samu wajen ratsawa, ana ƙirga shi da maikrosimens, µS. Wutar mai kai da komowa ce, domin da a hanya ɗaya take tafiya, da gishirin ya taru a jikin faranti ya ɓata awon.

Sai dai G ba na ruwan kaɗai ba ne, akwai hannun sel a ciki. Faranti masu faɗi da ke kusa da juna za su ba da G babba, ƙanana masu nisa su ba da ƙarami, alhali ruwan ɗaya ne. Lambar sel, wadda ake rubutawa K, ita ce ke cire wannan bambanci. A takarda, nisan da ke tsakanin faranti ne a raba da faɗin fuskarsu, shi ya sa ake ƙirga ta da cm⁻¹. Idan aka ninka G da K sai a sami kondaktibitin ruwan kansa, κ, a µS/cm.

```
κ = G × K
K = κ / G
```

2. Tunda an buga K a jikin sandar, me zai sa in sake nemanta?

Abin da aka buga, misali 1.0, na zubin masana'anta ne. Selin da ke hannunka zai iya zama 0.97 ko 1.04 tun yana sabo. Kuma ba wanda zai iya sa ma'auni ya auna nisa da faɗi ya fitar da K ta gaskiya, domin wutar ba a miƙe kawai take bi ba, tana lanƙwasawa ta gefen faranti. Hanya ɗaya ce: a tsoma sel a ruwan da aka riga aka san κ ɗinsa, a karanta G, a raba. Wannan shi ne duk abin da maɓallin CAL ke yi a ɓoye, kuma shi ne takardun ofis na Faransanci ke kira etalonaj.

Bayan haka K tana tafiya da tsufa. Farar ƙasa da ke maƙalewa daga ruwan rijiya, maiƙo, ko gogewar baƙin rufin fulatinam, duk suna rage fuskar da ke aiki, sai K ta hau. An yi bayanin karanta wannan hawa a tambaya ta 9.

3. Wane ruwan ma'auni zan saya?

Ruwan ma'auni na kondaktibiti kusan kullum gishirin fotasiyam kulorayid ne, KCl, a cikin tsabtataccen ruwa. Guda uku ne suka fi yawo. Mai ƙarfin 0.001 mol/L yana ba da 147 µS/cm, mai 0.01 mol/L yana ba da 1413 µS/cm, mai 0.1 mol/L kuma 12.88 mS/cm, wato 12880 µS/cm. Duk waɗannan lambobi na ma'aunin zafi 25 °C ne, kuma wannan sharaɗin shi ne mutane ke tsallakewa.

Zaɓi wanda ya fi kusa da ruwan da kake aunawa. Mai gwada ruwan famfo, rijiya da foraj, 1413 ne abokin aikinsa. Mai auna ruwan ban-ruwa mai gishiri ko jiƙon ƙasar kanwa ya ƙara da 12.88 mS/cm. Idan kuɗi na kwalba ɗaya ne, ni dai 1413 nake cewa a saya: yana da ƙarfin da ɗan datti ba ya girgiza shi, kuma yawancin mitoci suna gane shi da kansu. Na 147 da na 84 µS/cm saurin lalacewa gare su da zarar an buɗe, don iskar ɗaki da ɗan gumin yatsa sun isa su canza su.

4. Kwalba ta ce 1413, amma mita ta nuna 1550. Wa ke ƙarya?

Mai yiwuwa babu. Ruwa in ya ɗumama, gishirin cikinsa yana tafiya da sauƙi, sai kondaktibiti ta ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri. Ruwan da ke 1413 a 25 °C yana komawa 1278 a 20 °C, a 30 °C kuma yana kai wa kusan 1548. A Garwa cikin Afrilu, idan wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, kwalbar da ke kan tebur ta wuce 30 °C tun kafin azahar. Saboda haka mitar da ba a kunna mata gyaran zafi ba, ta nuna 1550, gaskiya ta faɗa.

Abin dubawa biyu ne. Na farko, ko gyaran zafi a kunne yake, wanda allon kan nuna da TC, ATC, lin ko nLF. Na biyu, wane zafi aka sa mitar ta mayar da sakamako gare shi, wanda ake rubutawa Tref. Idan gyaran a kunne yake kuma Tref 25 ce, ya kamata ka ga kusan 1413 ko da ruwan yana 30 °C. Idan a kashe yake, sai ka nemi lambar da ta dace da zafin a teburin da ke jikin kwalbar. Teburan kamfanoni sukan ɗan saɓa da juna da µS uku ko huɗu, to ka bi na kwalbar da ke hannunka.

Teburin kwalabe da yawa yana ƙarewa ne a wajen 30 ko 31 °C. Wannan ya sa a watannin bazara nake ba da shawarar a yi daidaitawa da sassafe, ko a jiƙa kwalbar ma'auni da sel a cikin roba mai ruwan randa har su sauko ƙasa da 30 °C su tsaya.

5. Yaya ake yin aikin daga farko zuwa ƙarshe?

Tun da yamma ka ajiye kwalbar ma'auni, ruwan ɗauraya da sel a ɗaki ɗaya, don su kwana da zafi guda. Da safe, kafin ka tsoma komai, riƙe busasshen sel a iska ka duba allo. Ya kamata ya nuna sifili ko abin da bai kai 1 µS/cm ba. Idan ya nuna fiye, akwai danshi ko gishiri a mahaɗar waya, kuma babu daidaitawar da za ta gyara wannan.

Zuba ruwan ma'auni a ƙananan kofunan gilashi guda biyu masu tsabta. Ɗauraye sel da ruwan distile, ka yarfe shi, ka tsoma a kofi na farko ka juya. Wannan kofin na ɗauraya ne kawai, zubarwa za a yi. Sannan ka kai shi kofi na biyu, ruwan ya rufe faranti da ramin da iska ke fita, sel ɗin kuma ya tsaya a tsakiya, kada ya jingina da bango ko ya zauna a gindi. Ɗan ƙwanƙwasa shi don kumfar iska ta fita. Daga nan sai haƙuri: jira lambar zafi ta daina motsi, ba lambar kondaktibiti kaɗai ba. Ma'aunin zafin yana cikin jikin sandar, yakan ɗauki minti ɗaya zuwa uku kafin ya kamo ruwan.

Idan komai ya tsaya, danna CAL, ka tabbatar, ka rubuta K da mitar ta nuna a littafi tare da rana, zafi da lambar kwalba. Ruwan da ya rage a kofi ba ya komawa kwalba. Na san yana da tsada, kuma kafin sabo ya iso daga Duwala ko Yawunde sai an yi makonni, amma mayar da shi lalata sauran ne.

6. Ina so in lissafa K da hannuna. A nuna mini da lambobi.

Sa mitar a K = 1.000, ka kashe gyaran zafi (wasu mitoci ana sa TC ya zama 0.00). A wannan hali abin da allo ya nuna shi ne G. A ce ruwan ma'aunin 1413 ne, zafinsa ya tsaya a 30.0 °C, teburin kwalba ya ce 1548, allo kuma ya nuna 1500.

```
K = 1548 / 1500 = 1.032 cm⁻¹
```

Yanzu a kawo ruwan wani foraj, shi ma yana 30.0 °C, G ɗinsa 620 µS. Ninka da K, ka sami kusan 640 µS/cm a 30 °C. Don a rubuta shi a rahoto sai a mayar da shi 25 °C. Da gyara na 1.91 cikin ɗari a kowane digiri, digiri biyar sun zama 1.0955, sai a raba.

```
κ25 = κT / (1 + 0.0191 × (T − 25))
κ25 = 640 / 1.0955 = 584 µS/cm
```

Idan mitarka ba ta yarda a sa K = 1.000, ba komai. Ninka tsohuwar K da lambar tebur, ka raba da abin da allo ya nuna, sabuwar K ke nan.

7. Na daɗe ina raba 1413 ba tare da duba zafi ba, kuma sakamakona yana fitowa daidai. Ina matsalar?

Wannan tambaya ta fi kowace daɗi a wurina, don mai yin ta bai yi ƙarya ba. Mu koma misalin tambaya ta 6. Wanda ya raba 1413 da 1500 zai sami K = 0.942, wadda ta gaza ta gaskiya da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ya ninka da 620, sai ga 584. Daidai da amsar gaskiya! Dalili shi ne, ruwan ma'auni da ruwan foraj duka suna 30 °C, zafin ya ɗaga su kusan daidai wa daida, sai kuskuren K ya zama shi ne ya yi aikin gyaran zafi ba da sanin mai shi ba.

Asirin yana tonuwa ta hanya biyu. Ranar da wani abokin aiki ya kunna gyaran zafi a kan wannan K ɗin, an gyara sau biyu ke nan, ruwan 584 ya koma 533. Ko kuma a daidaita da rana tsaka a 30 °C, a auna samfur da ya fito daga firij yana 22 °C, ko a ci gaba da wannan K har lokacin hunturu. Daga nan lambobi su fara yawo, a ɗora wa mita laifi. Lambar 0.942 ba ta sel ba ce, ta sel ce haɗe da zafin wannan ranar, kuma ba za ta gaya maka komai game da lafiyar sandarka ba.

8. Ruwan ma'auninmu ya ƙare. Za mu iya haɗa namu?

Za ku iya, idan kuna da KCl na ɗakin gwaji mai tsabta, sikeli mai kyau da ruwan distile na kirki. Gishirin girki ko takin fotas na gona ba sa shiga wannan magana. A busar da KCl a obin a 105 °C na awa biyu, a bar shi ya huce a rufe inda danshi ba ya shiga. Nauyin mol ɗaya giram 74.55 ne, don haka giram 0.7455 a lita ɗaya shi ne 0.01 mol/L, wato 1413. Idan sikelinku lamba biyu kawai yake nunawa bayan ɗigo, auna wannan ɗan ƙaramin nauyi zai iya jawo kuskuren da ya kusa kashi 1 cikin ɗari. Gara a auna giram 7.455 a cika lita ɗaya, a sami na 12.88 mS/cm, sannan a ɗebi mililita 100 daga ciki da fifet a cika wata litar.

Ku auna ruwan distile ɗin tukuna. Mai kyau da ya sha iska yana kusa da 1 µS/cm. Idan naku yana 8, wannan ƙarin zai hau kan ma'aunin: a 1413 bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, amma a 147 ya haura kashi 5, ya zama ba ma'auni ba. Akwai kuma maganar kwalbar awo mai dogon wuya. Zanen da ke wuyanta na 20 °C ne, ruwan 35 °C kuwa ya kumbura da kusan kashi 0.4 cikin ɗari, to a haɗa da ruwa mai sanyi-sanyi.

Kada kuma wani ya yi lissafin kasuwa ya ce an tsinka 12880 sau goma, saboda haka 1288 za a samu. 1413 za a samu. A sake tsinkawa sau goma, 147 ne, ba 141 ba. In ruwa ya yi yawa, ƙwayoyin gishirin suna samun sarari, ba sa jan juna baya kamar a cunkoso, sai kowace ta ɗauki wuta fiye da da.

9. K ɗina tana canzawa daga mako zuwa mako. Ta yaya zan san sel ne ko ruwan ma'auni?

Dubi ta inda take tafiya. Duk abin da ya rage G yana ɗaga K, duk abin da ya ƙara G yana sauke ta. Datti a faranti, kumfar iska, ko ruwan ɗauraya da ya rage a sel ya tsinka ma'aunin, duk ɗaga K suke yi. Rabin mililita na ruwan distile a kofi mai mililita 25 ya isa ya sa K ta hau da kashi 2 cikin ɗari, kuma wannan ne amfanin kofin farko da aka ambata a tambaya ta 5. K mai hawa a hankali wata bayan wata, yawanci datti ne.

K mai sauka kuwa, ka fara zargin kwalba. Lokacin hunturu iska a bushe take ƙarau, murfin da bai rufu da kyau ba ko kofin da aka bari a buɗe yana rasa ruwa, gishirin ya rage a ciki. Mililita 1 ya tashi daga 50, ma'aunin ya koma kusan 1440 kai kana lissafi da 1413, sai duk samfuran ranar su fito ƙasa da gaskiyarsu. Wani abin da na sha gani shi ne tsoma sandar pH da sel a kofi ɗaya. Ruwan da ake ajiye sandar pH a ciki KCl ne mai ƙarfin 3 mol/L. Ɗigo ɗaya tak a mililita 50 yana ƙara sama da 400 µS/cm. A auna kondaktibiti da farko, ko a raba kofi.

Gwajin da ke raba gardama shi ne buɗe sabuwar kwalba ko sabon ƙunshi. K ta dawo inda take, tsohon ma'auni ne. Ta ƙi dawowa, a wanke sel. A aikina, canjin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba ya tayar mini da hankali, na kashi 5 yana sa in tsaya bincike, wanda ya wuce kashi 10 daga lambar masana'anta bayan wanki kuma ina ɗaukarsa sel ya gaji.

10. Da me ake wanke sel, kuma a jiƙe ake ajiye shi ko a bushe?

Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa ya isa ga maiƙo da laka. Farar ƙasa tana narkewa idan aka jiƙa sel na 'yan mintuna a binega ko asid da aka tsinka sosai. Bayan kowane wanki a ɗauraye da yawa, a sake daidaitawa. Faranti masu baƙin rufin fulatinam ba a goge su da burushi ko tsumma, don wannan baƙin ba datti ba ne, shi ke ƙara wa farantin fuska. Irin wannan sel a ruwan distile ake ajiye shi, in ya bushe kuma a jiƙa shi na sa'o'i kafin aiki. Na girafayit da na ƙarfe a ɗauraye su a ajiye a bushe.

11. Ma'auni ɗaya ya isa, ko sai biyu ko uku?

Mita ta pH tana bukatar biyu ko uku saboda tana neman abu biyu a lissafinta. A nan abu ɗaya ake nema, K, don haka ma'auni ɗaya yana fitar da ita. Amfanin na biyu shi ne shaida: ka daidaita da 1413, sannan ka auna 12.88 mS/cm ko 147 kamar samfur, ka ga ko zai faɗo cikin kashi 2 cikin ɗari.

Idan babban ma'aunin ya riƙa fitowa ƙasa, ka kai iyakar sel ɗinka. Sel mai faranti biyu da K kusa da 1 yana fara ragewa a ruwa mai gishiri sosai, saboda taruwar caji a fuskar faranti. Maganinsa sel mai K = 10 ko mai faranti huɗu, irin waɗanda lambarsu ke kusa da 0.475. Ga ruwan distile da makamantansa kuma, sel mai K = 0.1 ya fi dacewa.

12. Sakamakonmu da na wani ɗakin gwaji sun bambanta da kusan kashi 10 a ruwa ɗaya. Wa ya yi kuskure?

Kafin a fara musu, ku tambayi juna Tref. Takardu da yawa na tsarin Faransa da Turai suna ba da kondaktibiti a 20 °C, wasu kuma a 25 °C, kuma mitocin da ke shigowa Kamaru da Cadi akwai masu kowane saiti. Bambancin 1278 da 1413 da aka gani a tambaya ta 4 shi ne wannan kashi 10 ɗin. Ruwan foraj ɗinmu na 584 a 25 °C zai fito wajen 528 a ɗakin da ke aiki da 20 °C, kuma kowa ya yi aikinsa daidai. Don haka a rahoto ana rubuta lamba da zafinta tare: 584 µS/cm a 25 °C.

In Tref ɗaya ce, sai a duba ko ɗayanku TDS yake karantawa a mg/L, wato jimillar gishirin da ya narke a ruwa. Wannan ba awo ne dabam ba, mitar tana ninka κ ne da wata lamba da aka sa mata, galibi tsakanin 0.5 da 0.7. Sai kuma irin gyaran zafin. Saitin nLF an yi shi ne don ruwan kogi, rijiya da famfo, kuma teburinsa yana ƙarewa ne dab da 36 °C. Samfurin da ya sha rana a bayan babur daga ƙauye zuwa Marwa yakan iso ya fi haka zafi, to a ajiye shi a inuwa ya huce, sannan a tsoma sel, a tabbatar lambar zafi ta sauko ta tsaya kafin a karanta.